Oga ya ce in rubuta sanarwar waifai da kwamfutocin ofis, ku duba min kafin in manna

Akawun_UnguwarRimi:
Salamu alaikum jama'a. Ofishinmu ƙarami ne a nan Kaduna, mu 14 ne har da direba da mai gadi. Muna da rauta ɗaya mai layin waya a ciki, da kwamfutocin tebur uku da kowa ke amfani da su, da firinta ɗaya da ke kan waifai. Duk wata muna sayen data giga 200. Wannan watan a kwana 12 ta ƙare, ana tsakiyar tura takardun kwangila. Oga ya fusata, ya ce kafin Litinin in manna sanarwa a allo. Ga abin da na rubuta:

Daga yau an haramta kallon bidiyo da waifan ofis. Duk mai son haɗa wayarsa sai ya kawo lambar MAC ɗinta, wato lambar da rauta ke gane waya da ita, an yi mata rajista. Kada a ba kowa kalmar sirri. An hana jona waya a jikin kwamfutar ofis. A sani cewa hukumar ofis tana ganin duk abin da kowa yake yi a wayarsa.

Me ya rage, me ya yi yawa? Ni akawu ne ba injiniya ba, don dai ni ne mai saka datar shi ya sa aka ɗora min.

Ɗan_Rigasa:
Wa alaikumus salam. Malam ka cire wannan dogon turancin, ka canja fasiwod kawai ka riƙe a aljihunka. Wanda ke son TikTok ya sayi datarsa.

HajiyarRajista:
Ɗan Rigasa kenan. Ka taɓa zama ofis kuwa? Rabin aikin yanzu a waya ake yinsa. Oga ne da kansa zai turo maka takarda ta WhatsApp da ƙarfe goma ya ce ka buga masa kafin azahar. Da datar wa zan sauke? Ni dai a namu ofishin an yi irin wannan sanarwar, sati biyu ta yi a allo aka manna takardar gayyatar biki a kanta.

Mai_Jan_Kebul:
Malam Akawu, kafin a taɓa rubutun, ka shiga rautar ka gaya mana abu ɗaya. A bayanta ko ƙarƙashinta akwai takarda da aka rubuta adireshin shiga, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ka buɗe shi a burauza, ka nemi wurin da ke nuna na'urorin da suka hau, wani lokaci sunansa Connected Devices, wani lokaci DHCP Clients. Nawa ne a jere?

Akawun_UnguwarRimi:
Na duba yanzu. 31. Innalillahi. Mu 14 ne fa.

Mai_Jan_Kebul:
To ka cire kwamfuta uku da firinta, saura 27. Ko kowa waya biyu yake riƙewa da ƙyar lissafin zai cika, kuma na san mai gadi ba shi da biyu. Akwai baƙi a ciki. Amma kada ka yi saurin cewa su suka cinye datar, domin layinka na farko, na hana kallon bidiyo, shi ne na fi shakka a kansa.

Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba: waya tana ɗaukar waifai a matsayin tuwon gayya. Duk aikin da ta ƙi yi da datar mai ita, tana ajiye shi sai ta ga waifai. Google Photos da iCloud su kwashe hotuna da bidiyo su tura sama. Play Store ya sabunta manhajoji, don yawancin wayoyi an saita su a kan su yi hakan a waifai kaɗai. WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka watsa a guruf ɗin dangi da na tsofaffin ɗalibai tun ranar Juma'a. Duk wannan wayar tana cikin aljihu, mai ita yana cike fom, kuma zai rantse maka da gaskiyarsa cewa bai kalli komai ba.

Yi lissafi da ni. Giga 200 a kwanakin aiki 22, kusan giga 9 kenan a rana ga ofis gaba ɗaya. Bidiyo mai kyau da aka ɗauka da waya, minti ɗaya yana iya kai mega 100. Mutum ɗaya ya je ɗaurin aure Zariya ranar Asabar ya ɗauki minti 30, giga 3 kenan zai hau sama da ya shigo ofis ranar Litinin. Mutum uku irinsa sun gama da rabon ranar tun kafin a sha shayi. Alamar da za ka gane ita ce intanet ɗin ya fi yin nauyi da safiyar Litinin, daga ƙarfe takwas zuwa goma, ya saki da rana.

Akawun_UnguwarRimi:
Wallahi kamar kana ofishin. Litinin da safe ko imel ba ya fita, har mun saba cewa matsalar kamfanin layin ce.

Kofa_Barnawa:
Ranka ya daɗe ni ina ganin maganin mai sauƙi ne. A saka wa kowace waya iyakar gudu, 2 Mbps, shikenan data ba za ta ƙare ba. Haka aka yi a makarantarmu.

Mai_Jan_Kebul:
Kofa, rabin maganarka daidai ne. Iyakar gudu tana hana waya ɗaya ta toshe hanya, don haka imel ɗin Malam Akawu zai fita. Amma ba ta hana data ƙarewa. 2 Mbps yana nufin kwatan mega ɗaya a daƙiƙa, a awa ɗaya mega 900 kenan. Wayar da ta yini awa takwas tana aiki a hankali za ta wuce giga 7. Ka rage bakin famfo ne, tankin dai zai ƙare in aka bar shi a buɗe.

Abin da ya kamata ya shiga sanarwar shi ne a gaya wa wayar cewa wannan waifan na kuɗi ne. A Android, ka shiga saitin waifan ofis ɗin, akwai wurin da aka rubuta Metered ko Treat as metered, ka zaɓe shi. A iPhone ka danna alamar i da ke gefen sunan waifan ka kunna Low Data Mode. Da yawa daga cikin ayyukan bayan fage za su dakata. Ban ce duka ba. WhatsApp kuma a shiga Storage and data a cire bidiyo daga abin da yake saukewa da kansa a waifai. Minti biyu ne a kowace waya, gara a yi wa kowa a gabansa da a rubuta "an haramta".

UwarBiyu_Malali:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Tun da na canja waya waifan gidanmu yake cewa Connected, no internet, amma wayar maigidan tana yi. Ko shi ne wannan MAC ɗin da kuke faɗa?

Ɗan_Rigasa:
Anti ki tambayi maigidan, wataƙila shi ya cire ki, hhh.

HajiyarRajista:
Kai dai Allah ya shirye ka. Uwar Biyu ki buɗe naki zaren daban, za a amsa miki. Mu koma kan MAC ɗin nan, domin shi ya kusa haukatar da mu. Yaron da ke kula mana da kwamfutoci ya zagaya da takarda, kowa ya shiga About phone ya kwafo lambar ya ba shi. Ya yini yana shigarwa. Washegari wayoyi biyu ne kawai suka hau, tsofaffi, sauran duk rauta ta ƙi su, har da ta darakta. Ranar ya sha faɗa kamar ya saci akuya.

Mai_Jan_Kebul:
Hajiya ai ba laifin yaron ba ne sosai, ilimin da ya koya ne ya tsufa. Tun Android 10 da ya fito a 2019, da iOS 14 a 2020, waya ba ta nuna wa rauta lambarta ta asali. Tana ƙirƙiro wata daban ga kowane waifai, don kada a riƙa bin sawun mutum daga wuri zuwa wuri. Wadda ke About phone ita ce ta asali, wadda rauta ke gani kuma tana cikin saitin wannan waifan ɗin. Malam Akawu, ka koma jerin nan na 31 ka kalli harafi na biyu na kowace lamba. In ka ga 2 ko 6 ko A ko E, ƙirƙirarriya ce.

Hanya biyu ce. Ko a yi rajistar wadda rauta ke gani, ko mai wayar ya kashe ɓoyewar ga waifan ofis kaɗai, wato Use device MAC a Android, ko a kashe Private Wi-Fi Address a iPhone. Kuma ka sani ranar da ka canja sunan waifan, wayoyin da ke ɓoye lamba za su zo da sababbi, rajistar ta tashi a banza. Ga mutum 14 ni ban ga ribar wannan wahalar ba.

Yallaɓai_Audita:
A nan ban yarda da kai ba Injiniya. Rajistar tana da amfani ko da ba ta da ƙarfi. Ranar da wani abu ya faru, ina so in buɗe littafi in ga wannan wayar ta wane ce. Kuma mutum in ya san an rubuta sunansa a gefen wayarsa, yana kama kansa. A wurinmu mun yi, yana aiki, mutum 40 ne ma.

Mai_Jan_Kebul:
Yallaɓai ku kuna da ma'aikacin da aikinsa kenan. Shi akawu ne, ranar da yake haɗa albashi za a zo a ce masa an sayi sabuwar waya. Littafin sunaye ban ƙi ba. Toshe rauta da shi ne nake cewa zai dawo kansa.

Abin da zan yi in ni ne: in raba gidan biyu. Rautoci da yawa suna da Guest Network, waifai na biyu mai sunansa da kalmar sirrinsa daban. Kwamfutoci uku da firinta su zauna a na ainihi, wayoyin ma'aikata duka su koma na baƙi. A tabbata an kashe zaɓin da ke barin baƙi su ga na'urorin cikin gida, a wasu rautocin sunansa Allow guests to access my local network. Da haka ko wayar wani ta kwaso wata muguwar manhaja, ba ta ganin foldar da aka raba a kwamfutar akawu. Can ne kuma za a saka iyakar gudun da Kofa ya ce, kuma kalmar sirrin na baƙin a riƙa canja ta duk farkon wata ba tare da an taɓa firinta ba. Sai dai ka duba tukuna, wasu ƙananan rautocin da kamfanonin layi ke sayarwa ba su da wannan. In taka ba ta da shi, a sayo wata rautar a jona mata.

HajiyarRajista:
To in waya ba ta ganin firinta, takardar da oga ya turo min ta WhatsApp fa? Da kai tsaye nake bugawa daga waya. Ka ga yanzu ka tura ni in jona kebul, wanda layi na huɗu ya hana, ko in buɗe WhatsApp ɗina a kwamfutar kowa da kowa.

Baba_MaiFansho:
Mu a zamaninmu a sakatariya fayil ne da jan zare da masinja, takarda ba ta taɓa ƙarewar data ba. Amma ina bin ku, jikata ce ta saka ni a nan. Tambayata, shi caji kawai ma haramun ne? In an ɗauke wuta aka tada janareta, ai kowa soket yake nema.

Gyaran_Waya_TW:
Baba tambayarka ita ce ta ainihi. Ni a Tudun Wada nake gyara, kuma mutum goma da za su jona waya a kwamfutar ofis, tara caji suke nema ba komai ba. Wayar Android ta yanzu in ka jona ta, caji kawai take yi sai mai ita ya buɗe ta ya zaɓi File transfer. iPhone kuma sai ta tambaya Trust This Computer. Haɗarin ba a cajin yake ba, a wannan dannawar yake. Sannan cajin ma na banza ne, tsohuwar kafar USB wat biyu da rabi take bayarwa, wayar za ta yini ba ta cika ba. Malam Akawu ka roƙi oga kuɗin soket mai baki shida guda biyu, a ajiye a teburin da babu kwamfuta. Layi na huɗu zai bi kansa.

Bayiros ɗin nan da ke mayar da fayiloli su zama shotkot, ta filash da memori yake yawo fiye da ta waya. Filash ɗin da aka kai shagon buga takardu aka dawo da shi, shi ya kamata sunansa ya fito a sanarwar, ban gan shi ba.

Kofa_Barnawa:
Ai bayiros ɗin kwamfuta ba ya kama waya, don haka waya ba ta da matsala ko kaɗan.

Gyaran_Waya_TW:
Ba ya kama ta, amma tana iya ɗauko shi kamar yadda ɗan aike ke ɗauko wasiƙar da bai karanta ba. Fayil ne wani ya turo a guruf da sunan takardar ɗaukar aiki, ka tura shi kwamfuta, ka danna. A waya bai yi komai ba, a Windows ya tashi.

UwarBiyu_Malali:
Maganar Hajiya ta WhatsApp a kwamfuta ta tuna min. A inda na yi aiki da, na buɗe nawa a kwamfutar liyafar baƙi don in buga takarda ɗaya, na rufe burauzar na tafi. Ashe rufewa ba fita ba ce. Bayan kwana huɗu wata abokiyar aiki ta tambaye ni ya jikin Mama, alhali ban gaya wa kowa ba, a guruf ɗin gidanmu kawai aka yi maganar. Na rasa inda zan sa kaina. Sai da ƙanina ya nuna min Linked devices na ga kwamfutar tana nan a jere, na danna Log out.

Mai_Jan_Kebul:
Wannan ya fi duk abin da muka faɗa cancantar shiga sanarwar, kuma kare ma'aikacin yake yi ba ofis ba, don haka za a karanta shi. A ƙara da cewa takardar da aka sauke tana zama a foldar Downloads ko bayan an fita, haka Gmail in an yarda burauza ta adana kalmar sirri. Hajiya, amsar tambayarki: a buɗe imel ɗaya na ofis don bugawa kawai, yana buɗe a kwamfuta ɗaya, kowa ya tura takardarsa can daga waya. Ba kebul, ba WhatsApp.

Sai layi na uku, "kada a ba kowa kalmar sirri". Ba sai an faɗa da baki ba. Android tana da Share a saitin waifai, ta fito da lambar QR, wani ya ɗauka ya hau. Kuma in kwamfutocin nan uku da asusun admin ake shiga, kowa zai iya buga wannan ya ga kalmar a fili:

```
netsh wlan show profile name="SUNAN_WAIFAI" key=clear
```

Don haka kalmar na ainihin kai ka saka ta da hannunka, kuma asusun da jama'a ke amfani da shi ya zama Standard. Ta rautar kanta ma, in har yanzu admin ce kamar yadda ta zo daga kwali, ka canja yau.

Akawun_UnguwarRimi:
Admin ce. Da ita na shiga ɗazu. Kunya ta kama ni.

Yallaɓai_Audita:
Ba wanda ya taɓa layi na ƙarshe. Ni ina goyon bayansa, tsoro yana gyara mutane.

Lauya_Kawo:
Yallaɓai da girmamawa, wannan layin ne zan fara gogewa. Na farko ba gaskiya ba ne. Injiniya zai gyara min in na kuskure, amma abin da mai rauta zai iya gani shi ne wace waya ce ta hau, nawa ta ci, wataƙila da sunan shafin da ta je. Saƙon WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya, shafin banki ma haka. Na biyu, in da gaske kuna tattara wani abu game da wayoyin mutane, ko da sunaye da lambobin MAC ne, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana so a gaya wa mutum abin da ake tattarawa da dalilin tattarawar, kuma akwai hukumar NDPC da ke kula da wannan. Ku rubuta abin da kuke gani ɗin daidai: ofis yana ganin sunan na'ura da yawan datar da ta ci, don a san inda data ke tafiya. Ya isa.

Mai_Jan_Kebul:
Ba gyara Barista. Rautar Malam Akawu ma ina shakkar tana nuna sunan shafi.

Yallaɓai_Audita:
Na ji ta fuskar doka. Amma ku rubuta ku ajiye, ranar da suka gane ba a ganin komai, bidiyo zai dawo.

Ɗan_Rigasa:
Duk kun bar babban ɓarawon. Su kwamfutocin uku fa? Windows in ya tashi sabunta kansa ba ya tambayar kowa. A shagonmu kwamfuta ɗaya ta taɓa shanye datar sati a dare ɗaya.

Mai_Jan_Kebul:
Yau dai ka faɗi ta hankali. A Windows ka shiga Settings, Network & Internet, ka nemi Data usage, zai nuna abin da kowace manhaja ta ci a kwana 30 da suka wuce. Malam Akawu ka duba ukun kafin a ɗora wa wayoyi laifin duka. Amma kada a kashe sabuntawar, ita ce ke toshe ramukan tsaro. A dai san da ita a lissafi.

Akawun_UnguwarRimi:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na duba kwamfutocin: 11, 9 da 26. Mai 26 ɗin ita ce ta kusa da taga, YouTube ne a burauza, kuma kowa ya san wanda ke zama a wurin bayan la'asar. Jimla 46, saura aƙalla giga 154 kenan wayoyi da baƙi. Rautar tana da Guest Network, na kunna, na canja kalmar na ainihin, jerin ya sauko daga 31 zuwa 4. Ɗazu mai shagon POS na ƙasan benenmu ya hau yana tambayar mai gadi ko intanet ɗinmu ya lalace.

Na sake rubutun: wayoyi a waifan baƙi kawai, a zo in saita Metered kafin in ba da kalma, caji a teburin soket, takardar bugawa ta imel ɗin ofis, ban da filash na waje, wanda ya buɗe asusunsa a kwamfuta ya fita kafin ya tashi, sai layin Barista. Rajistar MAC na bar ta a littafi kawai, Yallaɓai Audita.

Matsala ɗaya ta rage. Oga ya karanta ya ce ya yi, amma wayoyinsa biyu da na'urar yaronsa da ke zuwa bayan makaranta a bar su a na ainihin, shi ba baƙo ba ne a ofishinsa.

HajiyarRajista:
Ka canja wa na baƙin suna kawai. Ka kira shi na manyan ma'aikata, ka ga ko ba zai fara hawa ba.

Mai_Jan_Kebul:
In za ka canja sunan ka yi yau kafin ka cika littafin, lambobin za su canja. Na'urar yaron kuma wace iri ce? In ta wasanni ce ka gaya min tukuna.